Tambaya da Amsa: Bidiyo ɗaya ya tara mini jama'a, ina suka shiga?

Tambaya: Ni mazaunin Madekali ne a ƙasar Benin. Ina da tasha a YouTube inda nake kawo farashin albasa da shinkafa na kasuwar Malanbil kowane mako, da Hausa. Kwanakin baya na ɗauki bidiyon kwalekwale suna fiton mutane da kaya tsakanin Malanbil da Gaya, tunda an rufe gada bayan juyin mulkin Nijar na 2023. Bidiyon ya samu kallo 40,000, alhali sauran ba sa wuce 1,000. Amma mabiya 360 kawai ya ƙara mini. Ta yaya zan san ko mutanen nan suna dawowa? Ga hotunan allon lissafina na haɗo. Daga wani mai karatu, Madekali.

Amsa: Na duba hotunan, kuma da lambobinka zan yi aiki, sai dai na daidaita su don lissafi ya yi sauƙi.

Fara da ajiye 40,000 ɗin nan a gefe. Adadin kallo ne, kuma mutum ɗaya yana iya kallo sau uku. Abin da kake nema shi ne rukunin mutanen da suka fara saninka ta wannan bidiyo a wannan mako, sannan ka bi sawunsu mako bayan mako. YouTube ba zai ba ka sunayensu ba, ba zai ce maka wane ya dawo ba. Jimla yake bayarwa, don haka da ragi za mu gano su.

Buɗe studio.youtube.com a kwamfuta, ko a burauzar waya, ka shiga Analytics, sannan Advanced mode. Idan wayarka da Faransanci take, za ka ga Mode avancé. Lambobi biyu kake so: New viewers, wato baƙin da ba su taɓa kallonka ba, da Returning viewers, waɗanda suka taɓa kallo suka sake zuwa. Zaɓi kwana bakwai-bakwai ka rubuta a littafi. Kada ka tara lambobin kullum-kullum ka ce na mako ne, domin wanda ya zo Litinin ya koma Alhamis zai shiga lissafi sau biyu.

Makonni huɗu kafin bidiyon su ne ma'auninka. A hotunanka, baƙi kusan 500 kake samu a mako, masu dawowa kusan 600. A makon da bidiyon fito ya tashi, baƙi sun kai 24,500. Cire 500 da dama kake samu, saura 24,000. Wannan shi ne rukunin.

Yanzu dubi masu dawowa. Mako na farko bayan haka sun kai 1,800. Cire 600 na da, saura 1,200, wato kashi 5 cikin ɗari na rukunin. Mako na biyu 1,080, rarar 480, kashi 2. Mako na huɗu 840, rarar 240, kashi 1 cikin ɗari.

Na san kashi ɗaya cikin ɗari yana sanyaya gwiwa. Amma duba siffar saukar: daga 1,200 zuwa 480 cikin mako ɗaya, sannan sai da aka yi mako biyu kafin ta rabe biyu. Gangaren yana lafawa. Idan a mako na shida da na takwas rarar ta tsaya kusa da 200, ka samu mutane na dindindin. Tashar da ke da masu dawowa 600 ta koma 800 da wani abu, ƙarin ya kai kashi ɗaya cikin uku ko fiye, daga bidiyo guda. Idan kuwa lambar ta gangara ta koma 600, to 'yan kallo ne suka taru suka watse, kamar taron ranar kasuwa.

Lambar mako na farko kada ka dogara da ita sosai. Da yawa daga cikin 1,200 ɗin nan bidiyon fiton suka sake buɗewa, ko don su nuna wa wani. Hanyar ganewa ita ce ka duba bidiyon farashi da ka saka bayansa. Idan kallonsu na kwana bakwai na farko ya ɗaga sama da yadda aka saba, baƙin sun tsallaka zuwa ainihin aikinka. A shafin Audience akwai wani kati mai suna Videos growing your audience, wanda ke nuna bidiyon da baƙinsa suka fi komowa cikin kwana 90. Duba ko na fiton yana ciki.

Sai maganar mabiya. Raba 360 da 24,000, za ka samu 15 cikin kowane dubu. Ɗaya daga bidiyonka na farashin albasa ya kawo baƙi 400 da mabiya 20, wato 50 cikin dubu. A nan hukuncina yake: na farashin ya fi iya riƙe baƙo nesa ba kusa ba, na fiton ya fi shi yawan jama'a ne kawai. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Wanda ya nemi farashin albasa ɗan kasuwa ne ko manomi, mako mai zuwa ma zai buƙaci sabon farashi. Wanda ya kalli kwalekwale labarin iyaka ya kawo shi, ya gani ya wuce. Ka kuma sani cewa cikin 360 ɗin akwai tsofaffin masu kallonka da sai ranar suka danna Subscribe, don haka 15 ɗin ma ta ɗan yi yawa.

Akwai abubuwan da ke karkatar da wannan lissafi a yankinku. Wanda ya goge tarihin kallonsa, ko ya shigo ta wata waya ba tare da asusunsa ba, ana iya sake ƙirga shi baƙo. Waya ɗaya da mutum biyar ke kallo a tasha ko bakin kogi, mutum ɗaya ce a lissafi. Wanda aka tura wa bidiyon kansa ta WhatsApp ko Xender ba ya cikin lissafin sam. Wanda kuma ya buɗe mahaɗin daga WhatsApp ba tare da asusu ba, ba zai iya danna Subscribe ba sai ya shiga da asusun. Duba Traffic source: idan External ne ya fi yawa, ƙarancin mabiyan bai zama abin mamaki ba. Sannan lokaci: idan bidiyon ya faɗo a kakar albasa, masu neman farashi za su ƙaru ko da babu shi. Kwatanta da makonnin bara na wannan lokaci kafin ka jingina wa bidiyon dukan rarar.

Tun 2025 YouTube ya kasa masu kallo kashi uku a shafin Audience: New, Casual da Regular. Mutanen fiton da suka dawo a Casual za su fara bayyana, domin sai mutum ya yi ta dawowa kimanin wata shida cikin shekara kafin a sa shi a Regular. Kada ka neme su can yanzu.

Shawarata, kada ka bar farashi ka koma ɗaukar kwalekwale. Yi bidiyo ɗaya da ya haɗa biyun: nawa kuɗin fito ke ƙarawa a kan buhu kafin ya isa Gaya. Saka shi a ƙarshen bidiyon fiton ta End screen, tunda har yanzu ana kallonsa. Ci gaba da rubuta lambobin nan biyu a rana ɗaya kowane mako, kana barin kwana biyu na ƙarshe domin lissafinsu yana makara. Idan ka kai mako na takwas, aiko mana mu duba tare. Allah Ya ba da sa'a.