Na Aika wa Banki Imel Ina Neman Ganawa, An Yi Mini Shiru

Ni malamin firamare ne a wani ƙauye a ƙasar Katagum, amma asusun da albashina ke shiga a garin Bauchi na buɗe shi tun ina ɗalibi. Kwanaki banki ya hana ni cire kuɗi, wai sunan da ke kan BVN ɗina bai yi daidai da na NIN ba: a BVN an rubuta Mohammed Garba, a NIN kuwa Muhammad Abubakar, kuma duk ni ne. Na kira su a waya, suka ba ni lambar ƙorafi suka ce in zo da kaina. Na je, aka ce jami'in da ke wannan aikin ba ya nan, na dawo kuɗin mota ya tafi a banza. Wani abokin aikina ya ce in aika imel in nemi a sa mini rana. Na rubuta, na yi gaisuwa, na ba da labarin halin da iyalina ke ciki, na roƙe su don Allah su taimaka, amma har yau shiru. Yanzu wasu na cewa in tura musu dukkan lambobina har da hoton katin cire kuɗi don su gane ni ne, wasu kuma na cewa imel ɓata lokaci ne. Me zan rubuta, kuma waɗanne lambobi zan sa?

Malamin makaranta, daga ƙasar Katagum

Allah ya kawo sauƙi. Daga yadda ka siffanta saƙonka, ina ganin inda ya maƙale, kuma ba a rashin ladabi ba ne. Ka rubuta wa mutumin da zai tausaya maka, alhali wanda ya fara buɗe irin wannan saƙo ma'aikaci ne da aikinsa rarrabawa: ya gano asusun da ake magana a kai, ya gane irin matsalar, ya tura wa teburin da ya dace. Idan bai ga lambar asusu ba, ba shi da abin da zai shigar a kwamfuta, domin masu sunan Muhammad Abubakar a banki ɗaya ba sa ƙirguwa. Idan kuma bai ga abin da ake nema a fili ba, ba shi da abin da zai amsa. Saboda haka ma'aunin imel ɗin neman ganawa guda ɗaya ne: wanda bai taɓa ganinka ba ya iya gano fayil ɗinka, ya kuma ce maka e ko a'a, ba tare da ya sake tambayarka komai ba.

Mu fara da lambobin, tunda nan ne haɗarin yake. Lambobin da ke tsakaninka da banki kashi biyu ne. Akwai waɗanda ke nuna ko kai wane ne, akwai waɗanda ke motsa kuɗi. Lambar asusunka mai alƙaluma 10 tana cikin kashi na farko. Ita kake bai wa duk wanda zai turo maka kuɗi, don haka ka rubuta ta cikakkiya, tare da sunan asusun daidai da yadda bankin ya rubuta shi, ko da rubutun ne kake neman a gyara. Lambar ƙorafin da suka ba ka a waya ma ta shiga, kuma a wajen ma'aikacin ta fi duk wani bayani daraja, domin ita ke buɗe masa abin da aka riga aka rubuta game da kai. BVN da NIN, kowace mai alƙaluma 11, suna tsaka-tsaki: ba a cire kuɗi da su kaɗai, amma ɗan damfarar da ya haɗa su da ranar haihuwarka da lambar wayarka ya sami abin da zai kira ka da shi ya ce daga banki yake. Bankin yana ganin BVN ɗinka da zarar ya buɗe asusun, saboda haka alƙaluma huɗu na ƙarshe sun wadatar. Amma lambar sirrin kati, da cikakkiyar lambar da ke fuskar katin, da alƙaluma uku na bayansa, da OTP ɗin da ke shigowa wayarka, babu ɗaya da ya kamata ya shiga imel. Masu ba ka shawarar tura hoton kati sun ɗora ka a hanyar asara. Duk amsar da ta dawo tana neman waɗannan, ko da da tambarin bankin, ba daga bankin ta fito ba.

Sai abin da kake nema, kuma a nan akwai abin da dole ka yanke kafin ka taɓa waya: wanne ne sunanka na gaskiya a takarda? Banki na iya gyara abin da ke kan asusu da BVN, amma ba ya taɓa NIN. Wannan aikin hukumar katin ɗan ƙasa ne, NIMC. Idan Muhammad Abubakar na NIN shi ne ya dace da takardun makarantarka da na ɗaukar aiki, to ganawa da banki kake buƙata, kuma ka faɗi haka a jimla ɗaya. Idan kuwa na BVN ne daidai, ranar da banki zai sa maka ba za ta amfane ka ba sai ka fara gyara NIN. Ka kuma lura cewa matsalarka gida biyu ce. Mohammed da Muhammad bambancin rubutu ne. Garba da Abubakar kuwa, duk Bahaushe ya san suna ɗaya ne, amma kwamfuta ba ta sani ba, kuma jami'in da zai duba takardar yana iya ɗaukarsa canjin suna. A irin wannan akan nemi takardar rantsuwa daga kotu, sau da yawa har da sanarwar canjin suna a jarida. Bankuna sun ɗan bambanta a abin da suke karɓa, shi ya sa tambayar “waɗanne takardu zan zo da su?” ta fi neman ranar kanta muhimmanci. Ita ce ke hana tafiya ta biyu.

Ga yadda saƙon zai kasance. A gurbin `Subject` ka sa: neman ganawa kan gyaran suna a BVN, sai lambar ƙorafi. Kada ka bar gurbin fayau, kada kuma ka rubuta “gaggawa” ko “a taimaka”, domin babu teburin da ake tura wa saƙo mai irin wannan take. A ciki, bayan gaisuwar layi ɗaya ga manajan reshe, sai ka ce: “Ina da asusu mai lamba kaza, mai suna Mohammed Garba, a reshenku na Bauchi. An dakatar da cire kuɗi daga asusun tun ranar kaza saboda sunan bai dace da na NIN ɗina ba, wanda ke ɗauke da Muhammad Abubakar. Sunan NIN ne daidai. Na kai ƙorafi ta waya ranar kaza, aka ba ni lamba kaza. Ina neman ganawa da jami'in da ke gyaran BVN ranar Talata kaza ga wata ko Alhamis kaza ga wata, da safe. Da yake daga nesa zan taso, ina roƙon a tabbatar mini da ranar, a faɗa mini takardun da zan kawo, da kuma ko wani reshe mafi kusa da Azare zai iya wannan aikin.” Ka rufe da cikakken sunanka da lambar wayar da bankin ya sani. Ka aika daga adireshin imel ɗin da ke kan asusun idan akwai, zuwa adireshin da ka gani a shafin bankin na hukuma ko a bayan katinka, ba wanda wani ya turo maka a waya ba. Tunda da Turanci ake aikin ofis a bankunanmu, da shi za ka aika. Turanci mai sauƙi ya isa, kuma in wani zai duba maka, ya duba a gabanka, ba ka ba shi kalmar sirrin imel ɗinka ba.

Na san za ka ce wannan ya yi bushewa, mutum ya faɗa wa manya buƙatarsa kai tsaye har yana zaɓa musu rana. A zaure gaskiya ne, ba a fara magana sai an gama gaisuwa. Amma ladabi ga mai saƙonni jibge a gabansa shi ne a rage masa aiki. Wanda ya ce “duk ranar da kuka ga dama” ya ɗora wa jami'in nauyin tunani, wanda ya ba da rana biyu kuwa ya bar masa zaɓi, kuma zaɓi ya fi saurin amsawa. Ka ba da tazarar mako guda aƙalla, ka kauce wa Litinin da Juma'a da kwanakin biyan albashi, lokacin da reshe ke cika maƙil. Halin da iyalinka ke ciki kuwa, jimla ɗaya ta ishe shi: asusun albashi ne, kuma ba ka da wani. Wannan hujja ce da jami'i zai iya kai wa na gaba da shi.

Masu cewa imel ɓata lokaci ne suna da rabin gaskiya. Zuwa da kai ya fi saƙo, kuma gyaran BVN ba ya yiwuwa sai ka bayyana da kanka ka cike fom, domin tun da aka ƙaddamar da tsarin a 2014 a kan hoton fuska da zanen yatsu aka gina shi. Haka kuma reshe da yawa ba su da littafin sa rana. Mai yiwuwa amsar da za ka samu ita ce ka zo duk ranar aiki. To ko wannan riba ce in ta zo da jerin takardu da sunan teburin da za ka nufa. Abin da masu wannan ra'ayi ke mantawa shi ne zuwan da ka yi bai bar shaida ko ɗaya ba, kiran waya ma lamba kawai ya bari. Imel yana ɗauke da rana da sa'a. Ƙa'idar Babban Bankin Najeriya ita ce mutum ya fara kai ƙorafi ga bankinsa, ya ba shi mako biyu a akasarin matsaloli, sannan in ba a warware ba ya ɗaukaka zuwa sashensa na kare haƙƙin abokan hulɗa, kuma abin da za a fara tambayarka can shi ne shaidar cewa ka kai wa bankin kuka. Hanyar “wa ka sani” tana iya buɗe maka ƙofa yau, amma in aikin ya maƙale a hedikwata ba ka da takardar da za ka nuna.

Idan kwana uku na aiki suka wuce babu amsa, kada ka buɗe sabon saƙo. Ka koma kan wanda ka aika, ka danna `Reply all`, ka rubuta layi biyu na tunatarwa, ka sa adireshin sashen ƙorafe-ƙorafe na hedikwatar bankin a gurbin `Cc`. Ta haka duk wanda ya buɗe zai ga tarihin a wuri ɗaya. Sau da yawa amsar farko ta na'ura ce mai ɗauke da sabuwar lamba. Ka adana ta, amma kada ka ɗauke ta a matsayin an sa maka rana. Sai ka ga amsa da ta ambaci rana ko takardu sannan ka nemi izinin hedimasta. Ranar tafiya ka buga saƙon da amsarsa a takarda, ka haɗa da asalin takardar NIN, da takardar rantsuwa in an nema, da kwafin kowace, da hotunan fasfo biyu, ka kuma riƙe wayar da layin asusun ke ciki. Kafin ka bar reshen, ka nemi a buga hatimin karɓa da kwanan wata a kan kwafin fom ɗin da ka cike, ka tambayi kwana nawa gyaran zai ɗauka kafin a saki asusun.