Wanke Hannu Kafin Ɗaukar Jariri: Rubutun Majigi Don Ɗakunan Shan Magani Na Karkara

Ke mai juna biyu, da ku iyalinta, darasinmu na wannan karo rubutun wani gajeren majigi ne na bidiyo, mai tsawon kamar minti 4, wanda za a iya nunawa a ɗakin shan magani na ƙauye ranar awo, lokacin da mata suke jiran layi. Inda babu wutar kunna talabijin, mutum uku za su iya yin sa kamar wasan kwaikwayo. Mun buga shi ne domin ki karanta a gida tare da maigida da wadda za ta zauna miki jego, tun da su ne za su fi taɓa jaririn bayan ke.

Majigin ya tsaya a kan makon farko na haihuwa. A wannan lokaci cibiyar jariri ɗanya ce, tamkar buɗaɗɗen ciwo, kuma jikinsa bai yi ƙarfin yaƙi da cuta ba. Ƙwayoyin cutar da suka hau cibiya za su iya shiga jininsa. Sau da yawa hannun mai ƙaunarsa ne yake kai su.

Fitowa ta ɗaya: tsakar gida, da hantsi

Kaka ta gama sharar turken awaki. Ta ji kukan jariri daga ɗaki, sai ta ajiye tsintsiya, ta goge hannu da bakin zane, ta shiga. Ta miƙa hannu za ta ɗauke shi.

Mai jego: Sannu da aiki, Inna. Bari a kawo miki ruwa da sabulu tukuna.

Kaka: Ke 'yar nan, dubi hannuna. Kin ga wani datti?

A nan hoton zai tsaya a kan tafin hannunta, wanda a ido fes yake.

Mai bayani: Gaskiyar Inna, ba a ganin komai. Amma ƙwayoyin cuta ba a ganin su da ido. Suna cikin kashin dabba da na mutum, suna maƙalewa a tsakanin yatsu da ƙarƙashin farce.

Ki lura, ba a mayar da kaka abin dariya ba, kuma da gangan aka yi haka. A gidajenmu ita ce take yi wa jariri wanka, ita take duba cibiya. In ta ga an muzanta irinta a majigi, ba za ta karɓi maganar ba. Ke ma a gida, kawo ruwa da sabulu cikin ladabi ya fi gardama amfani.

Fitowa ta biyu: ruwa kaɗai ko da sabulu?

Ungozoma ta leƙo duba mai jego. Ta shafa wa Inna ɗan manja a hannu, ta zuba mata ruwa daga buta. Ruwan ya zame, jan man yana nan. Ta ba ta sabulu, Inna ta cuɗa, aka sake zubawa, hannu ya fita tas.

Mai bayani: Fatar hannu tana da maiƙonta, kuma a jikinsa ƙwayoyin cuta suke mannewa. Ruwa kaɗai ba ya ɗauke maiƙo sosai. Sabulu ne yake saɓule shi, ruwa kuma ya tafi da shi. Kowane irin sabulu yana yi, har na wanki da na gari.

Fitowa ta uku: yadda ake wankewa

Wannan ita ce zuciyar majigin. Mai ɗaukar hoto zai tsayar da kyamara a kan hannuwa kawai, kuma ba za a yanke ko a gaggauta hoton ba, domin mai kallo ya ji ainihin tsawon lokacin. Yarinya tana zuba ruwa da buta, Inna tana wankewa, ruwan yana sauka a cikin roba.

Mai bayani: A jiƙa hannu biyu. A shafa sabulu har ya yi kumfa. A cuɗa tafi da tafi, sannan bayan kowane hannu. A sarƙe yatsu a cuɗa tsakaninsu. A kama babban yatsa a murza, na dama da na hagu. A goga kan farce a cikin tafin ɗaya hannun. Kada cuɗawar ta gaza daƙiƙa 20. A ɗauraye da ruwan da ake zubowa, a yarfe hannu, a bar iska ta busar da shi ko a goge da ƙyalle mai tsabta.

Gwada ƙirga ɗaya zuwa ashirin a hankali yayin da kike cuɗawa. Za ki ga ya fi yadda kika saba daɗewa. Wuraren da aka fi tsallakewa su ne babban yatsa da kan yatsu, alhali su ne suke taɓa cibiya da bakin jariri. Don haka ki yanke farce idan haihuwa ta matso.

Abu biyu kan ɓata wankin bayan an yi shi. Na farko shi ne tsoma hannu a kwano guda da kowa yake tsomawa, kamar yadda ake yi kafin cin tuwo, domin na ƙarshe a cikin dattin na farko yake wanka. Na biyu shi ne gogewa da zanen da aka wuni ana aiki da shi. Idan sabulu ya ƙare, a cuɗa da toka mai tsabta daga murhu a ɗauraye sosai, kafin a samo wani.

Fitowa ta huɗu: cikin ɗaki

Inna ta karɓi jikanta tana masa kirari. Mai jego ta canja masa ƙunzugu, ta fita ta wanke hannu, ta dawo ta ba shi nono.

Mai bayani: A wanke hannu bayan fita daga ban-ɗaki, da bayan wanke wa yaro kashi ko taɓa dabba. A wanke kafin taɓa cibiya, kafin shayarwa, da kafin haɗa abinci ko ci. Kashin ƙaramin yaro ma yana ɗauke da cuta kamar na babba.

Majigin ya ƙare da buta da sabulu a ajiye a ƙofar ɗakin mai jego. Ki yi haka tun kafin ki haihu, domin masu zuwa barka suna da yawa, kuma abin da yake gaban mutum ya fi sauƙin amfani da shi fiye da wanda sai an aika a ɗauko.

Abin da majigin bai nuna ba

Wanke hannu yana rage haɗari, amma ba ya warkar da cibiyar da ta riga ta kamu. Idan an ba ki man cibiya mai suna kuloheksidin a asibiti, ki shafa shi da wankakken hannu kamar yadda aka nuna miki, a kan cibiya kawai. Kada ya kusanci idon jariri, domin yana lalata ido. Kada a sa man goge baki, ko toka, ko kashin dabba a kanta.

Ki duba cibiyar kowace rana. Tana bushewa ta yi baƙi, ta faɗi da kanta, yawanci cikin mako ɗaya zuwa biyu. Amma idan fatar da ke kewaye da ita ta yi ja ko ta kumbura, ko tana fitar da mugunya ko wari, ko jaririn ya ƙi kama nono, ko jikinsa ya yi zafi ko sanyi ƙalau, ko yana numfashi da sauri, a kai shi asibiti a ranar, ko da dare ne, ba sai an jira ranar suna ta wuce ba.