Yadda ake mayar da wasiƙar ciniki daga Turanci zuwa Italiyanci a Tamale

Man kaɗanyar da matan Tamale da ƙauyukanta ke haɗawa yana kaiwa har kamfanonin man shafawa na Italiya, inda ake ce masa “burro di karité”. Amma kafin kaya su bar tashar jiragen ruwa ta Tema, imel ne ke yin gaba. A ce wani dillali a kasuwar Aboabo ya rubuta nasa da Turanci, yana tayin kilo 1,500 ga wata manajar saye a Milano mai suna Bianchi, sai ya kai wa wani ɗan Zango da ya yi zaman Modena ko Brescia ya fassara masa. A nan ake yawan tuntuɓe, domin Italiyancin da aka koya a masana'anta da bakin titi na abokai ne, ba na ofis ba.

Tun kafin ya taɓa kalma ɗaya, mai fassara zai yanke shawarar yadda za a kira matar. Turanci “you” kaɗai gare shi. Italiyanci kuwa uku ne: “tu” na aboki da yaro, “Lei” na mutum ɗaya da ake girmamawa, sai “Voi” idan kamfanin ake yi wa magana dungurungum. Bahaushen da ya saba ce wa babba “ku” ba zai sha wahalar gane wannan ba, sai dai “Lei” na da nasa sharaɗi: aikatau yana tafiya kamar ana maganar wani da ba ya wurin, kuma ba ya canzawa ko da namiji ake rubuta wa. Wasiƙar farko “Lei” ce, babu ja.

Daga nan sai gaisuwa. “Dear” ba ya zama “Cara”, wannan ta 'yan'uwa ce da aminai. Abin da ya dace shi ne “Gentile Signora Bianchi,”. Idan katinta na ɗauke da “Dott.ssa”, to sai a rubuta “Gentile Dott.ssa Bianchi,”, kada a sauke mata rawani, domin a Italiya duk wanda ya gama jami'a yana da wannan laƙabi, ba likita kaɗai ba. Namiji “Signor” ne ko “Dott.”, ana kuma iya ce masa “Egregio”, wanda ya fi nauyi kuma ya ɗan tsufa. Idan ba a san sunan kowa ba, ana sa “Spett.le” gaban sunan kamfanin. Bayan waƙafi a sauka layi, a fara da ƙaramin baƙi.

Dillalin Tamale ba ya shiga magana bai tambayi lafiya da iyali da aiki ba. Ga baƙuwar da ba a taɓa haɗuwa da ita ba, gara a cire wannan, a nufi dalili kai tsaye: “Le scrivo in merito alla fornitura di burro di karité”, wato ina rubuto miki game da samar da man kaɗanya. Ladabin yana komawa cikin aikatau. “Kindly confirm” ya zama “Potrebbe confermare”, ko za ki iya tabbatarwa.

Ana gane ɗan koyo da ƙananan kalmomi biyu. Rubutawa da aikawa suna ɗaukar “Le”, kamar “Le invio”. Godiya kuwa “La” take ɗauka: “La ringrazio”. Ana sa musu babban baƙi har a tsakiyar jumla, haka ma “Suo” da “Sua”, kuma wanda ya fara haka sai ya kai ƙarshe. Da zarar an ga “tuo” ko “puoi” a ciki, “tu” ya kutso, sai a sake bin wasiƙar layi-layi.

Lissafi ya fi komai haɗari. Italiyawa da waƙafi suke raba ɓangaren lamba, dubbai kuma da ɗigo. Idan aka bar 1,500 kg yadda yake, matar za ta iya karanta kilo ɗaya da rabi, ta ɗauka samfur ake nufi. Daidai shi ne 1.500 kg, farashin 4.50 kuma ya koma 4,50.

Rufewa jumla ɗaya ce: “In attesa di un Suo cortese riscontro, porgo cordiali saluti.” Ma'anarta, ina jiran amsarki, tare da gaisuwa. “Distinti saluti” ya fi sanyi, ya dace da banki ko wasiƙar ƙorafi, “Ciao” kuwa ba ta da wuri a nan. Ƙasa sai cikakken suna da muƙami da lambar waya mai farawa da +233.

Idan amsa ta zo da “Diamoci del tu”, ta ba da izinin a koma “tu”, kuma ita ce ke da ikon fara faɗin haka, ba mai tallar kaya ba. In kuma an aika a tsakiyar Agusta aka ji shiru, ba lallai laifin fassarar ba ne: kamfanoni da yawa suna rufewa a makonnin da ke kewaye da hutun Ferragosto na 15 ga wata, sai a sake tuntuɓa a farkon Satumba.