Yadda za ki riƙe mai kallo har falle na ƙarshe

Wata mai kiwon kaji daga Zariya ta rubuto tana cewa: "Malam, na yi asarar 'yan tsaki 29 cikin 100 saboda kaskon gawayin da nake ɗumama musu ɗaki da shi. Na jera labarin a hotuna goma a Instagram don wasu su kiyaye, na sa wa na farko taken 'Illar gawayi a ɗakin kaji'. Kusan ba wanda ya duba har ƙarshe. Ina na kuskure?"

Hajiya, Allah ya mayar da alheri. Labarinki mai kyau ne, amma kin ba da amsar kacici-kacici tun kafin ki yi tambayar. Wanda ya karanta fallenki na farko ya riga ya san gawayi ne, to me zai ja yatsa ya nema a sauran tara? Abin da ke sa mutum ya wuce zuwa falle na gaba shi ne tambayar da ke cinsa a rai, kuma aikinki shi ne ki dasa tambayar a farko, ki riƙa ƙara mata nauyi, ki hana amsar sai a ƙarshe.

Kafin ki buɗe Canva ko wata manhaja, ɗauki takarda ki fara rubuta falle na ƙarshe. Idan ba ki iya faɗin abin da za ki bayyana a jimla ɗaya ba, labarin bai nuna ba tukuna. Naki mai sauƙi ne: kaskon gawayi a ɗakin da aka toshe tagoginsa da leda shi ya kashe su. Daga nan sai ki dawo baya, kina tambayar kowane falle ko yana kusantar da mai kallo ga wannan jimla. Instagram ya fara ba da damar jera hotuna goma a 2017, ya ƙara zuwa ashirin a 2024, amma ba dole ne ki cike su ba. Labarinki bakwai ya ishe shi. Ga yadda zan tsara shi.

Falle na ɗaya: "Na sayo 'yan tsaki 100. Cikin kwana biyar 29 suka mutu. Abin da ya kashe su, ni na kai shi ɗakin da hannuna." Nan kin faɗi girman asarar, kin yi alkawarin akwai amsa, amma ba ki faɗe ta ba.

Falle na biyu: "Safiyar farko na tarar da biyu a mace. Na ce gajiyar hanya ce." Ki kula da wannan falle sosai, domin Instagram kan sake nuna wa mutum jerin da ya wuce bai buɗe ba, yana farawa daga hoto na biyu. Saboda haka ya zama wanda baƙo zai fahimta ko bai ga na farko ba. Ki sa hoton 'yan tsakin, ki ɗan maimaita a sama cewa ɗari ne.

Falle na uku: uku sun mutu, washegari biyar, kin canza abinci, kin wanke mazubin ruwa. Na huɗu: takwas, duk da maganin da kika sayo. Na biyar: goma sha ɗaya a dare guda. Kin ga lissafin yana hawa, 2, 3, 5, 8, 11, kuma a kowane mataki ana wanke wanda ake zargi guda ɗaya: ba hanya ba ce, ba abinci ba ne, ba cutar da kika zata ba ce. Haka ake ƙara wa labari zafi. Asara na ƙaruwa, mafita na raguwa. Idan falle biyu suna ɗauke da nauyi iri ɗaya, haɗe su wuri guda. A na biyar ne kuma za ki faɗi abin da asarar take nufi a gare ki, misali idan kuɗin adashi ne kika zuba a ciki, domin lambobi kaɗai ba sa taɓa zuciya.

Falle na shida shi ne bakin gaɓa, kuma shi ya fi kowanne gajarta: "Likitan dabbobi ya zo. Ya tsaya a bakin ƙofa, ya nuna wani abu a tsakar ɗakin, ya ce: fitar da wannan." Kada hoton ya nuna abin. Ƙofa a buɗe ko hannu yana nuni ya wadatar.

Falle na bakwai: hoton kaskon, babba, ga taga a toshe a bayansa. Rubutu kaɗan: gawayi na cin iskar ɗaki, yana fitar da iskar guba marar wari, ledar kuma ta hana ta fita. Sai abin yi guda ɗaya: a bar kafar iska a saman ɗaki ko da ana sanyi.

Akwai sharaɗin da idan kika karya shi duk aikin ya lalace. Amsar ta zama wadda mai kallo zai ce, ai kuwa da alama tun farko. Don haka ki binne alamu biyu a tsakiya ba tare da kin nuna su da yatsa ba. A falle na uku ki ce da rana lafiya lau suke wasa, sai da safe ake kwashe gawa. A na huɗu ki ce kin zaci sanyin hunturu ne, har kin ƙara toshe taga. Idan kaskon ya bayyana, waɗannan za su dawo wa mutum a rai, ya koma baya ya sake dubawa. Amma idan amsar ta faɗo daga sama, ko ta kasa kai girman alkawarin falle na farko, mai kallo zai ji an yaudare shi, kuma gobe ba zai buɗe naki ba. Haka nan kada ki ƙara gishiri a lambobi. Yadda abin ya faru ne ƙarfinsa.

Wurin da mutane suka fi yin ɓarin sirri shi ne rubutun da ke ƙasan hoto. Layinsa na farko yana fitowa tare da falle na ɗaya, to kada kalmar gawayi ta shiga ciki. Hotunan kuma ki yi su a tsaye, 1080 × 1350, da manyan haruffa, jimla biyu ko uku a kowane falle, yadda mai ƙaramar waya zai karanta ba tare da ya buɗa hoton ba.

Kafin ki wallafa, ki gwada jerin a Status na WhatsApp, inda ake nuna yawan waɗanda suka kalli kowane falle. Raguwa kaɗan-kaɗan ba komai ba ne. Amma idan mutum 80 suka kalli na uku, 35 kacal suka kai na huɗu, to a na uku igiyar ta tsinke: ko rubutu ya yi yawa, ko bai bar wata tambaya a buɗe ba. Gyara shi kaɗai ki sake gwadawa. Sannan ki miƙa wa wani a gida wayar, ki karɓe ta a falle na shida. Idan ya ce ba ni in ga ƙarshen, kin gama aiki.

Ki sake jera labarin nan, Hajiya, kafin sanyi ya shigo. Akwai masu kiwo da yawa da za su kunna kasko a rufaffen ɗaki bana, kuma sai sun kai falle na bakwai gargaɗinki zai iske su.