Darasi a Kan Hana Ɗan'uwa Ba Tare da Yanke Zumunta Ba

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Kada ka ce "gobe" in ka san babu ce,
Faɗa masa yau, ka huta, shi ya huta.

Kuɗin amana ba naka ne ba, ɗan'uwa,
Miƙa naka, ko kaɗan ne, ka yi kyauta.

Bayan hani ka taka har ƙofar gida,
Don kada hanin ya tsinke zumunta.

Sharhi

Ka sani, ya kai ɗan'uwa, hani ba shi raba 'yan'uwa kamar yadda alkawarin ƙarya yake raba su.

Ga misali. Wani falke a Zangon Sokode ya karɓi jaka 500 na sefa daga wani attajiri a bisa ƙiradi, wato ya yi fatauci da su, su raba riba. Ya kama hanyar arewa ta Kara da Mango, tafiyar kusan kilomita 300, ya sauka Dapaong sayen ragunan layya. Da dare ƙanensa ya ce: "Yaya, ranta mini jaka 200, in biya bayan Salla."

Baiti na farko ya hana shi cewa "za mu gani". Domin ƙanen zai dogara da wannan kalma, ya bar neman wata hanya, sai lokaci ya ƙure ya tarar babu. To nan ne ƙulli yake shiga zuciya. Saboda haka ya amsa masa a daren nan, su biyu kaɗai, ba a gaban iyali ba.

Baiti na biyu ya nuna masa dalilin da zai faɗa. A mazhabar Malikiyya, mai juya dukiyar ƙiradi ba shi da ikon ba da rance daga cikinta sai da iznin mai ita. In ya bayar ta salwanta, shi zai biya. Sai ya ce: "Ƙanena, kuɗin nan amanar wani ce, ba zan taɓa ba. Ga jaka 20 daga nawa, kyauta ce, ba bashi ba." Ka lura, ya jingina hanin ga dukiya. Da ya ce "ba ka biyan bashi", da ya zubar masa da mutunci. In ƙanen ya nace, ya maimaita dalilin nan ɗaya, domin mai sake dalili ya buɗe ƙofar ciniki.

Baiti na uku shi ne maganin abin da ya saura. Wanda aka hana yakan ji kunya, ya janye. Alamarsa ita ce gaisuwa ta gajarta, aike ya ɗauke. To wan ne zai fara takawa: in ya komo Dapaong ya sauka gidan ƙanensa kamar kullum, ya ci tuwonsa, kada ya tada zancen. Zumunta a ƙafa take.

Allah Ya sa mu dace, amin.