Yadda biyan kuɗi ɗaya ke shiga littafi sau biyu, da hanyar toshe shi

A garin Gure, da ke kan babbar hanyar da ta tashi daga Damagaram zuwa Diffa, biyan kuɗi ta waya ya zama ruwan dare, ko ta Airtel Money ko ta kamfanonin aika kuɗi irin su Nita, sai dai rezo yakan yanke ana tsakiyar aiki. Wannan yankewa ita ce tushen matsalar da masu rubuta manhajar karɓar kuɗi sukan ci karo da ita, domin na'urar da ta aika saƙo ba ta sami amsa ba, ba ta da hanyar sanin ko saƙon ne ya ɓata a hanya, ko kuwa ya isa an yi aikin, amsar ce ta maƙale. Abin da ya rage mata shi ne ta sake aikawa.

A ɗauki misalin makaranta mai zaman kanta da ke karɓar kuɗin karatu ta manhaja, inda wani uba ya biya jika goma sha biyar, wato sefa 15,000. Manhajar ta aika buƙata ga kamfanin biya, kamfanin ya cire kuɗin, amsar ta ɓata, uban ya ga allo bai nuna komai ba ya sake dannawa, aka cire masa jika talatin. Maganin wannan shi ne mabuɗin hana maimaici, wato lamba ta musamman da manhaja ke ƙirƙira wa kowane biya tun kafin aikawar farko, ta adana ta, ta kuma haɗa ta da duk wata sake aikawa. A tsarin kamfanin biya na Stripe ana sa ta a layin `Idempotency-Key`, kamfanin kuma yana riƙe ta aƙalla awa 24, ta yadda idan buƙata ta dawo da mabuɗin da aka taɓa gani, sai a mayar da amsar farko ba tare da an sake taɓa asusun kowa ba. Kuskuren da ake yawan yi shi ne ƙirƙirar sabon mabuɗi a kowane dannawa, wanda daidai yake da rashin mabuɗin gaba ɗaya.

Ɗaya ɓangaren ya fi ɓoyuwa, saboda babu wanda ke zuwa ƙorafi. Bayan an biya, kamfanin yana sanar da sabar makarantar ta hanyar `webhook`, wato saƙon da na'urarsa ke turawa da kanta zuwa adireshin da aka ba shi, yana jiran amsa mai lamba `200` a matsayin shaidar an karɓa. Idan sabar ta rubuta kuɗin a littafi, sannan ta tsaya haɗa rasit da aika saƙon tes har lokacin jira ya ƙare, kamfanin zai ɗauka saƙon bai isa ba ya sake turowa, kuma Stripe na iya ci gaba da haka har kwana uku. A nan jika goma sha biyar kaɗai aka cire wa uban, amma littafi ya nuna talatin, makarantar ce ke asara ba ta sani ba sai ranar lissafin ƙarshen wata. Da wannan ake bambanta larurorin biyu: idan layuka biyu na littafin suna ɗauke da lambar ciniki ɗaya, sanarwa ce ta maimaitu, idan kuwa lambobin sun bambanta amma kuɗin da mai biyan ɗaya ne a cikin ƴan mintuna, to an cire sau biyu ne, sai a mayar masa.

Masu koyo sukan ga kamar ya isa a duba littafi kafin a rubuta, alhali sanarwa biyu na iya isowa a daƙiƙa ɗaya, kowacce ta duba ta ga babu komai, kowacce ta rubuta. Abin dogaro shi ne a bar wa rumbun bayanai hukuncin, ta hanyar sa wa lambar ciniki sharaɗin `UNIQUE`, sannan a shigar da layin kamar haka a PostgreSQL:

```sql
INSERT INTO biya (lambar_ciniki, kudi)
VALUES ('TX1042', 15000)
ON CONFLICT (lambar_ciniki) DO NOTHING;
```

Idan umarnin bai shigar da sabon layi ba, ba a ƙara komai a asusun ɗalibi, amma dole a amsa da `200` duk da haka, in ba haka ba kamfanin ba zai daina turowa ba. Wajibi ne kuma shigar da layin da ƙara kuɗin a asusun ɗalibi su kasance cikin `transaction` guda, wanda ko dai ya tabbata gaba ɗaya ko ya rushe gaba ɗaya, domin idan wuta ta ɗauke a tsakaninsu, lambar za ta zauna a littafi kuɗin bai shiga ba, duk sanarwar da ta biyo baya kuma a yi watsi da ita.

Ya kamata duk mai shirin miƙa irin wannan manhaja ga makaranta ko shago ya tura mata sanarwa ɗaya sau biyu a lokaci guda, ya kuma katse rezo da gangan ana cikin biya, sannan ya buɗe littafin ya ƙirga layukan. Idan sun wuce ɗaya, manhajar ba ta kai a damƙa mata kuɗin jama'a ba.