Kuskure Iri Biyu a Binciken Jin Ra'ayi

Wani mai sauraronmu daga Zariya ya aiko yana tambaya: me ya sa bincike kan ɓata, alhali an tambayi dubban mutane?

To, Malam, kuskuren iri biyu ne. Na farko na zaɓen samfur ne. Ba kowa aka tambaya ba, wasu aka tsakuro. Idan aka zaɓi mutum 1,000 ta hanyar ƙuri'a, sakamakon kan iya kaucewa da kimanin kashi 3 cikin ɗari, sama ko ƙasa. A ninka su huɗu, kaucewar ta ragu da rabi. Wannan ana iya lissafa shi.

Na biyun shi ya fi damuna, domin yawan jama'a ba ya maganinsa. Ka ce wa magidanci, "Ai kana kai yaranka rigakafi, ko?" Ka riga ka sa masa amsa a baki. Ko kuma matashi baƙo ya shiga gida yana tambayar matar aure yawan haihuwarta, ga suruka zaune a tabarma. Kunya za ta hana ta lissafa ɗan fari. Sannan mai shigar da bayanai a kwamfuta ya buga 52 a maimakon 25.

Ana gane irin wannan idan aka kwatanta amsoshin da kowane mai tambaya ya kawo, aka kuma sa mutum biyu su shigar da takarda ɗaya, a duba inda suka saɓa.